Mai Gabatarwa na Biyu Ba Ɗan Amshi Ba Ne

Sau da yawa akan miƙa wa ɗalibi mai koyon aikin rediyo rubutun da aka tsara domin mai gabatarwa ɗaya, a ce ya mayar da shi hirar mutum biyu. Abin da yawanci ke yi shi ne su raba rubutun gida biyu, layi ɗaya nasa, layi ɗaya nata, su cike tsakani da "haka ne" da "ƙwarai kuwa". A ganina wannan karatun karɓa-karɓa ne, kuma mai sauraro a Gwashi zai gane shi tun minti na farko.

Mu ɗauki misali daga ƙasarmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda niƙa da dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Rubutun mutum ɗaya kan wannan batu zai ce: kada a daka dutse a gida, domin ƙurarsa na ɗauke da dalma. Magana ta fita daidai, amma ba ta amsa wa kowa komai ba.

To, kafin a taɓa rubutun, sai a tambayi kai: wa na biyun yake wakilta? A nan uwa ce, wadda dakan nan ne ke kawo cefane. Saboda haka a bakinta za a sa gardamar da mai sauraro ke yi a zuci:

"Malam, mu da muke dakan ba mu kwanta ba, don me za a ce shi ke kashe yara?"

"Malama, yaro yana rarrafe a ƙasa, yana kai hannu baki, kuma jikinsa ya fi na babba shan dalma."

"Kenan ko an daina dakan, ƙurar tana nan a tsakar gida?"

Tambayarta ta biyu ce ta fito da batun kwashe gurɓatacciyar ƙasa, wanda a rubutun farko yana can ƙarshe, inda hankali ya riga ya tafi.

Sai dai hira tana cin lokaci. Idan minti biyar aka ba ka, kuma rubutun na ɗauke da batutuwa biyar, zaɓi uku ka bar sauran. Alƙaluma da umarni su tsaya a baki ɗaya, ɗayan ya maimaita da kalmominsa. Idan aka rarraba su, mai sauraro ba ya sanin wanda zai riƙa.

Gwajin kuwa mai sauƙi ne. Rufe sunayen da ke gefen takarda, ka ba abokinka ya karanta da ƙarfi. Idan ya kasa faɗin wanda ke magana a kowane layi, har yanzu rubutun mutum ɗaya ne a hannunka, sai a koma a sake.