Idan kurakuran huɗu ne, ka rubuta huɗu

1/ Masu haɗa mana jerin hotunan nan da ake ja da yatsa, irin su "Kurakurai 10 da manoman tumatir ke yi", ina da magana da ku. Don Allah ku daina cike gurbi. In abu huɗu kuka sani, ku ce huɗu, ba wanda zai kama ku.

2/ Goman nan ba daga gona ta fito ba. Shekara da shekaru Instagram hoto 10 yake bari a jera a saƙo ɗaya, sai a 2024 ya mayar da shi 20. Iyaka ce ta manhaja, amma muka ɗauke ta kamar mudu, wai dole sai an cika shi har baki.

3/ Mu ɗauki mai noman rani a Watari, can Bagwai. An turo masa jerin a WhatsApp, wataƙila ma ɗansa ne zai karanta masa a bakin gona, da 'yar datar naira ɗari biyu. Abin da ya ji a farko shi zai riƙe. Kafin a kai na takwas hankalinsa ya koma kan ruwan da ya sako.

4/ To bari mu zauna da irin wannan jeri na goma mu tankaɗe. Abin da ke zama a rariya guda huɗu ne.

Na ɗaya: barin dashe ya tsufa a wurin reno. Mako huɗu zuwa biyar ya isa. In ya zarce, sai ya yi tsawo ya sirance, ya daɗe bai kama ƙasa ba.

5/ Na biyu: ban ruwa babu tsari. Ka bar ƙasa ta bushe ƙayau, sannan ka malale ta. Alamarsa a jikin tumatir take: ko ya tsage, ko gindinsa ya yi baƙi ya lotsa. Da yawa suna ɗauka cuta ce su ruga sayen magani, alhali gyaran a hannun mai ban ruwa yake.

6/ Na uku: barin tsohon ganye da ruɓaɓɓen tumatir a gona, sannan a sake dasa tumatir a wurin. Nan tsutsar nan da ake kira Sharon take samun mafaka, wadda ta yi ɓarna a gonakin Kano da Kaduna a 2016. A kwashe, a binne ko a ƙona.

7/ Na huɗu: nacewa kan magani ɗaya. Tsutsar tana sabawa da shi. Kuma canza kwalba ba canza magani ba ne, don kamfani biyu kan sayar da sinadari ɗaya da suna daban. A duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan sunan, ko a nuna wa malamin gona.

8/ Ina sauran shidan? Ga irinsu: "Rashin haƙuri." "Rashin neman ilimi." "Rashin kula da gona." Gaskiya ne, amma mai shayi ma za ka iya faɗa masa haka. Sai kuma a raba ban ruwa gida biyu, "ruwa ya yi yawa" da "ruwa ya yi kaɗan", don a samu lamba.

9/ Mafi muni shi ne wanda aka kwafo daga shafin wata ƙasa, irin "ka kare shukarka daga ƙanƙarar hunturu". A Bagwai? Da manomi ya ga wannan, shi ke nan, ya san marubucin bai taɓa taka kwarin ba. Sai ya watsar da jerin duka, har da maganar Sharon da za ta ceci kuɗinsa.

10/ Za a ce ai goma ta fi jan ido. Wataƙila. Amma mai turawa gaba, abin da ya amfane shi yake turawa. Kuma "kurakurai huɗu" na nuna an zauna an ƙirga, ba zuba aka yi ba.

11/ Kafin ka saka kowane hoto, ka tambayi kanka: akwai abin da mutum zai je ya yi gobe da safe saboda shi? Akwai alamar da zai gani da idonsa? In ka cire kalmar tumatir ka sa kaji, maganar ta zauna daidai? In ta zauna, goge ta.

12/ Hotunan da suka rage maka, ka ba manyan batutuwan. Ɗaya ya nuna ganyen da tsutsa ta rarake daga ciki, na gaba ya faɗi abin yi. Wanda ya fi jawo asara kuma shi ne a gaba, kar ka ɓoye shi a ƙarshe wai don a ja har can.

13/ Manoman Watari da kewaye, wane kuskure ne ya fi cin ku a bana wanda ba ya cikin huɗun nan? In na gaske ne, su zama biyar.