Takardar ƙorafi ta fi cacar baki

Malam Edita,

Ni malama ce a wata makarantar sakandare. Bara wata abokiyar aikina ta yaɗa a ɗakin malamai cewa aurena ya mutu, wai saboda ina yawan zuwa ofishin wani malami. Jarrabawa muke haɗawa tare, aurena kuma yana nan lafiya lau.

Ranar da maganar ta iso kunnena raina ya ɓaci matuƙa, sai na ƙi cewa komai. Da na tare ta a gaban mutane, da labarin faɗan ya danne ƙaryar, a ce ni ce mai laifi.

Na sami mutum biyu da suka ji daga bakinta, domin "an ce" ba shaida ba ce. Sannan na rubuta wa shugaban makaranta takarda mai shafi ɗaya, na faɗi ranar, da wurin, da ainihin kalmomin da ta furta, da sunayen shaidun. Ban zage ta ba, ban kuma tsaya bayyana sirrin gidana don wanke kaina ba, tunda ba shi ake tuhuma ba. Abu ɗaya na roƙa: ta janye maganar a inda ta yi ta. Na sa akawu ya buga hatimin karɓa a kwafina.

Ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code, amma ban je kotu ba. Bayan mako biyu shugaban ya zaunar da mu, ta ba ni haƙuri a gaban malamai.

Taku,
Wata malama, Zariya