Zuwa Ga Masu Gyaran Hotunan Kaya: A Rarraba Kafin A Goge



Kwanakin baya wata hajiya mai sayar da takalma ta intanet ta turo mini hotuna kusan ɗari biyu, a goge bayansu ya koma fari fat. Na zuba su gaba ɗaya da saiti guda. Baƙaƙen takalman sun fito tsaf, fararen kuwa injin ya cinye gefensu, don bai bambance farar fata da farar takardar da ke ƙarƙashinta ba. Wannan ne ya sa nake rubuto muku.

Shawarata ita ce ku rarraba hotunan tukuna. Kaya masu duhu gefe guda, masu haske gefe guda, sannan a raba na hasken rana da na fitila, domin takardar da ta fito fara da hantsi takan koma ruwan toka da yamma. Kowane rukuni da saitinsa. Ga wanda nake farawa da shi a ImageMagick:

```
magick mogrify -path fita -fuzz 8% -fill white -draw "color 0,0 floodfill" -trim +repage -resize 1700x1700 -gravity center -background white -extent 2000x2000 *.jpg
```

Ku buɗe folda mai suna `fita` kafin nan, kuma kada ku cire `-path`. In kun cire, kan hotunan asali zai rubuta, kuma babu dawowa.

Umarnin yana farawa daga kusurwar hoto, ya bi launin da ke haɗe da ita yana mayar da shi fari. `-fuzz` ne ke faɗa masa iyakar bambancin launin da zai lamunta. In ya yi ƙasa, dabbare-dabbaren toka za su rage. In ya yi yawa, sai ya kutsa cikin kayan. Fararen takalma dai gara a sake ɗaukarsu a kan takarda mai ɗan duhu.

Amma abin da mai saye ke fara gani shi ne girma: wannan takalmi ya cika hoto, na kusa da shi ya maƙale a tsakiya. Shi ya sa ake datse gefe, a mayar da kayan 1700 cikin 2000, wato kashi 85 cikin ɗari, gwargwadon abin da Amazon ke nema a babban hoton kaya. Ɗigon datti guda a gefen takarda ya isa ya hana `-trim` datsewa, sai takalmin ya fito ƙarami.

Kada ku duba sakamakon ɗaya bayan ɗaya, ido yana sabawa. Ku jera talatin a allo guda, wanda ya kauce zai nuna kansa nan take. Ku lura musamman da tsakanin igiyoyin sandal da cikin hannun jaka. Gogewar ba ta isa can, tunda ba su haɗe da kusurwa ba, sai an bi su da hannu. A kuɗin aikin da za ku faɗa wa mai kaya, ku sa lokacin wannan bin a lissafi tun farko.

Naku a sana'a.