Ramukan hanci da kumatu: Abin da dilka da ƙanƙara ba za su iya ba

Da an shiga kaka a Funtuwa da Malumfashi, masara da auduga sun kawo kuɗi, sai bukukuwa su kankama, masu gyaran jiki kuma kakarsu ta yanke saƙa. Cikin alƙawuran da ake yi wa amare akwai na "rufe" ƙananan ramukan da ke fitowa ɓaro-ɓaro a hanci da kumatu. Wannan alƙawari ba wanda zai iya cika shi.

Ramukan nan ƙofofin gashi ne, kuma ta nan maiƙon da fata ke samarwa yake fitowa. Ba su da tsokar da za ta buɗe su ko ta tsuke su. Turiri yana tausasa maiƙon da ya daskare a ciki, ƙanƙara kuma tana sa fata ta ɗan ɗame na ɗan lokaci, sannan komai ya koma yadda yake. Girman ramin yawanci gado ne. Abin da ke ƙara fito da shi kuwa yawan maiƙo ne, da toshewa, da sakin da fata ke yi saboda shekaru da dukan rana. Shi ya sa fuskar da ba ta da laifi da hunturu sai ta yi ta ƙyalli a watan Afrilu, ramukan su fito fili.

Baƙin ɗigon da ke bakin ramin shi ya fi ruɗar mutane. A yankin da ake yini a gona ko wurin sussuka, kowa zai ce ƙura ce ta shige. Ba ƙura ba ce. Maiƙo ne da matattun ƙwayoyin fata, iska ta taɓa su suka yi duhu, kamar yadda yankakken dankali ke sauya launi. Saboda haka dirza da soso ba ya fitar da shi. Matsa hanci yana fitar da farin abu kamar zare, amma cikin makonni ramin zai sake cika, domin aikinsa ke nan. Abin da ke daɗewa shi ne baƙin tabon da farce ya bari, don baƙar fata tana saurin yin tabo idan ta ji rauni, kuma yakan kai watanni kafin ya dushe. Lemun tsami da makilin ma hanyar tabon ce.

Mafi muni shi ne man bilicin, musamman wanda aka cakuɗa da maganin shafawa mai sinadarin sitiroyid. Makonnin farko fuska ta yi sumul, mai sayarwa ta sha yabo. Daga baya fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje masu kama da juna su feso, da an daina shafawa kuma sai zafi da ƙaiƙayi. Wadda ta ga waɗannan alamu likita za ta nufa, kada ta koma wurin mai haɗi.

A ɗauki misalin budurwar da aka sa wa rana watanni uku. Wanke fuska sau biyu a yini da sabulu mara ƙarfi ya wadatar. Da dare, bayan fuska ta bushe, sai ta shafa adafalin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, gwargwadon ƙwayar wake ga fuskar duka, tana kauce wa gefen ido da leɓe. Ta fara da dare biyu ko uku a mako, ta riƙa ƙarawa idan fata ta ɗauka. Maganin yana hana matattun ƙwayoyin fata toshe ƙofar, ramin da ba a cushe yake ba kuwa ya fi ƙanƙanta a ido. Ɗan bushewa da saɓa a farko ba abin tsoro ba ne, amma idan raɗaɗi ya yi yawa sai a tsagaita. Sai an yi mako 8 zuwa 12 ake ganin bambanci, kuma a wannan tsakanin ba dilka ba halawa a fuska. Da rana kuma a shafa man kariyar rana mai lamba 30, ko aƙalla a kifa malafa idan za a fita gona.

Akwai iyaka guda mai muhimmanci ga amarya: mai ciki ko mai shirin ɗaukarsa ba ta amfani da adafalin da danginsa, don haka da an ɗaura aure sai a ajiye shi, a nemi shawarar likita ko mai harhaɗa magunguna.

Wadda kuma bikinta saura mako biyu, kada ta fara, don tana iya shiga lalle da fuska tana saɓa. Ita dai ta rage kitsa man shafawa mai nauyi a hanci, ta riƙa danna maiƙon da tsaftataccen ƙyalle, ta wanke hoda kafin ta kwanta.