Gishiri da babbar mota: kafin mu ƙara wa kaya kuɗi

A taron asusun da ya gabata wata ƴar uwa ta kawo tambayar da ta sa muka kai har la'asar ba mu tashi ba. Ta ce: "Yaya, ni fa na ƙara wa gishirina kuɗi sau biyu. Na farko na samu alheri, na biyu na kusa kasa biyan bashin asusu. Gishirin ɗaya ne, kasuwar ɗaya ce. Me ya faru?" Da izininta muka buɗe littafinta, muka kuma ga ya dace sauran ƙungiyoyi su ji abin da muka gano. Lissafin duk da sefa ne kamar yadda muke rubutawa a littafi, ba da dala ba.

Mu tuna lokacin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil, manyan motocin Kotonu suka yi layi a tsallake. Kaya suka koma ƙetarawa cikin kwale-kwale, ga kuɗin dako, ga kuɗin jirgi. Duk mai saro gishirin buhu sai da kuɗin sarinta ya hau, saboda haka kowa a layin gishiri ya ƙara.

Ita ƴar uwarmu tana sayar da tiya 50 a mako, kowace tiya sefa 500, wato 25,000 ke shiga hannunta. Da kowa ya koma 600, sai ta riƙa sayar da tiya 48. Tiya biyu kawai suka ragu, kuɗin da ke shigowa kuwa ya zama 28,800. Mata sun yi ƙorafi, sun ce tsada, amma sun saya.

Masu ilimin tattalin arziki suna da ma'auni a kan wannan, suna kwatanta shi da roba. Wata buƙata in farashi ya ja ta sai ta miƙe da nisa, wata kuma kamar igiyar guga take, da ƙyar take motsi. Awon ba shi da wuya. A duba kashi nawa cikin ɗari farashi ya ƙaru, a duba kashi nawa saye ya ragu, sai a raba na biyu da na farko. Daga 500 zuwa 600 ƙarin kashi 20 ne. Daga tiya 50 zuwa 48 ragin kashi 4 ne. In an raba 4 da 20 amsar ba ta kai ɗaya ba, ɗaya bisa biyar ce. Duk kayan da amsarsa ta gaza ɗaya, in farashinsa ya hau kuɗin da ke shiga hannun masu sayarwa ƙaruwa yake yi. In amsar ta wuce ɗaya, raguwa yake yi.

To me ya sa gishiri ya tsaya haka? Na farko, ba shi da magaji a tukunya. In shinkafa ta yi tsada muna komawa masara ko gero, amma miyar da ba gishiri ba ta ciwuwa. Na biyu, ɗan abin da yake ci cikin kuɗin cefane bai taka kara ya karya ba, tiya ɗaya tana daɗewa a gida. Na uku, ba a ɗaga shi zuwa baɗi, yau ake son shi. Haka kuma in ya yi arha ba wadda za ta ninka shi a miya, shi ya sa karya farashin gishiri ba ya sa gari ya ƙara ci.

Yanzu mu dubi motocin da muka saba gani a da suna wucewa ta Gaya daga tashar jirgin ruwan Kotonu, wasu su nufi Dosso da Yamai, wasu Kamba. Mu ɗauka dillali yana sayar da manyan motocin alfarma goma a shekara, kowace miliyan 20. Hanya ta yi tsawo, kuɗin duwan ya ƙaru, ta koma miliyan 24. Ƙarin kashi 20 ne, daidai da na gishiri. Amma nan ƙarin miliyan huɗu ne, kuɗin fili ko jarin shago. Wani alhajin zai ce a gyara tsohuwar, wani ya sayi ƙarama, wani ya ce sai bayan kaka. A ce shida suka saya. Ragin kashi 40 ke nan, in an raba da 20 amsa biyu ce. Dillalin da ke karɓar miliyan 200 ya koma karɓar 144. Abubuwa ukun nan duk sun juye: motar tana da madadi, tana cin dukiya mai yawa, kuma ana iya jira. Akwai dai hamshaƙin da tsada ba ta dame shi ba, amma irinsa ba su da yawa da za su riƙe kasuwa.

Sai mu koma ga ƙarin na biyu, inda ƴar uwarmu ta faɗi. Ganin mutane ba su gudu ba, sai ita kaɗai ta ɗaga zuwa 650, maƙwabtanta suna nan a 600. Cikin makon tiya 20 ta sayar, 13,000 ta tashi da su, ga zubi ga bashi suna jiran ta. Garin neman ƙiba an samo rama. Gishiri ne ba shi da madadi, amma gishirinta yana da shi, ga shi nan a tiren da ke kusa da ita. Ga kuma gishirin Foga da mata ke dafawa a wajajen Kawara Debe, wanda mai kiwo zai iya komawa gare shi. Da kowa ya ƙara, mai saye ba ta da wurin zuwa. Da ita kaɗai ta ƙara, taku uku ya raba ta da masu sayenta. Alhamdu lillahi ta koma 600, amma sai da aka yi makonni kafin wasu su dawo.

Mu ba ma sayar da mota, amma muna da motocinmu: shadda, leshi, turaren wuta mai tsada, kwanukan jere. Wadda ta ci bashi ta sari irin waɗannan ta sani in farashi ya hau masu saye za su ce sai salla, kuɗinta ya kwanta, alhali wa'adin asusu ba ya jira. A irin wannan kaya sau da yawa ragi kaɗan ya fi ƙari kawo kuɗi. Gishiri, ashana da sabulu ribarsu ƙarama ce, amma suna juyawa kowane mako. A kula kuma, kuɗin da ya shigo ba shi ne riba ba. Cikin 28,800 ɗin nan sai an cire ƙarin kuɗin sari da dako kafin a san abin da ya rage.

Ga aikin da muka ba kanmu kafin taro mai zuwa. Kowace ta rubuta farashin kayanta da yawan abin da ta sayar a mako. Ranar da ta canza farashi ta ja layi, ta rubuta a gefe ko ita kaɗai ta canza ko duk layi ne. In makon ya faɗa kan salla, biki ko ruwan sama da ya watsa kasuwa, a sa masa alama, don kada a ɗora wa farashi laifin da ba nasa ba. Wadda hannunta bai faɗa da rubutu ba, sakatariyar ƙungiya za ta taimaka mata. Ku zo da littattafanku mu yi rabon tare.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya ba mu ikon biyan abin da muka ɗauka. Sai fitowa ta gaba.