Darasin Mako na Biyu Bai Ƙare Ba

'Yan uwana ɗalibai, da an gama gwajin mako sai mu rufe littafi mu manta. A ganina wannan ɗabi'a ce ke kayar da mu a lissafi.

Ku duba. A farkon zango an koya mana rage lamba, yadda 2 bisa 8 ke komawa 1 bisa 4. Daga baya aka shiga kashi cikin ɗari, sannan riba da faɗuwa. Igiya ɗaya ce.

Misali, ɗan kasuwa ya sari albasa ta naira 8,000 a Illo, ya sayar 10,000 a Lolo. Ribarsa 2,000. Ɗora ta bisa uwar kuɗi: 2,000 bisa 8,000, wato 1 bisa 4, kashi 25 cikin ɗari ke nan. Wanda ya ɗora ta bisa 10,000 zai samu kashi 20. Ta yaya zai gane kuskurensa? Kashi 20 na 8,000 naira 1,600 ne, bai kai 2,000 ba.

Malamanmu, muna roƙo: kafin sabon darasi, a ba mu minti biyar a nuna mana wane tsohon darasi ne tushensa. Mu kuma mu riƙa waiwayar shafukan baya.