Aljihun Ɗalibi: Satumba ba ta zuwa ba zato

Kowace shekara ana komawa makaranta a watan Satumba, kuma kowace shekara sai a ji gidaje da yawa a Kaugama suna neman bashin kuɗin yunifom. Dalili a fili yake: lokacin hatsin bara ya kusa ƙarewa, riɗi bai shigo kasuwa ba, wata shekarar ma ga ambaliya a yankin Haɗejiya. Amma yunifom ba rashin lafiya ba ne da zai faɗo babu sallama. Mun san ranarsa tun shekara guda kafin ya zo.

Duk buƙatar da aka san ranarta da kuɗinta, ana yi mata asusu nata na kanta. Ga yadda lissafin yake. A ce yunifom biyu da takalmi za su ci naira 12,000. Idan ka fara tari a Satumbar bana, wata 12 ke gabanka, wato naira 1,000 a wata, ko 250 a mako. Idan ka yi jinkiri sai Janairu, wata takwas ya rage, kason ya koma 1,500. Kuma da yake farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, ka riƙa sa 1,200 maimakon 1,000, kada tela ya ba ka mamaki.

Haka ake yi wa hayar shago da gyaran mota. Inshorar dole ta motar gida, alal misali, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023. A dunƙule tana da nauyi, amma a wata 1,250 ce.

Abin da ya fi kashe irin wannan tari shi ne haɗa shi da sauran kuɗi. Sallah na zuwa sai a ce "bari a ara, a mayar", daga nan shi ke nan. Saboda haka ka rubuta sunan buƙatar a jikin asusun, ka kuma riƙa duba littafinka: bayan wata huɗu, in babu 4,800 a ciki, an fara zamewa, sai a cike giɓin tun yana ƙarami. Adashi ma yana da amfani, amma fa sai in kwasarka ta faɗo a Agusta.

Gidan da kuɗinsa na kaka ne, ba na wata-wata ba, gara a ware kason gaba ɗaya ranar da aka sayar da riɗi, ko a sayi yadin tun lokacin a ajiye. Ɗinki kuwa a bari sai daf da komawa, domin kuna ƙara tsawo.

Aikin wannan mako: ka tambayi Baba ko Inna nawa aka kashe maka a komawar da ta wuce, ka raba da watannin da suka rage, ka nuna musu amsar.